Neman Guntun Suna da XLOOKUP Idan Jerin Yana da Ƙarin Kalmomi

XLOOKUP umarni ne a cikin Excel wanda ake ba shi suna ko lamba, ya duba jeri guda ya gano inda abin yake, sannan ya ɗauko abin da ke daura da shi a wani jerin. Kamfanin Microsoft ya sanar da shi a shekarar 2019, kuma yana aiki a Excel 2021 da Microsoft 365 da waɗanda suka biyo baya. Idan ba a ce masa komai ba, yana neman abin da ya yi daidai da abin da aka ba shi ne daga harafin farko zuwa na ƙarshe. Wannan tsantseni yana da kyau ga lambar rasit ko lambar ɗalibi, amma da sunayen mutane yakan zama cikas, domin ba a cika rubuta sunan mutum iri ɗaya sau biyu ba. Wanda magatakarda ya rubuta "Alhaji Salisu Garba Mai Shinkafa" a littafin bashi, shi ne yaron shago zai rubuta "Salisu Garba" kawai a takardar biya. Duk wanda ya karanta takardun biyu ya san mutum ɗaya ake nufi, amma XLOOKUP yana ganin rubutu biyu mabambanta, sai ya mayar da `#N/A`, alamar da ke nufin bai samu ba.

A ɗauka wani dillalin kayan masarufi yana da jerin masu karɓar kaya bashi. Sunayen, waɗanda aka ƙirƙira don misali kawai, suna akwatunan A2 zuwa A7, kuɗin da ake bin kowa da naira kuma yana B2 zuwa B7:

```
A2  Alhaji Salisu Garba Mai Shinkafa   450000
A3  Hajiya Halima Musa Sabon Gari      120000
A4  Malam Ali Usman Dawanau             85000
A5  Musa Ibrahim Garba Kurmi           300000
A6  Sa'adu Ɗanladi Kwari                62000
A7  Alhaji Ali Usman Zariya            210000
```

Kowane suna a nan yana ɗauke da kaya gaba ko baya: laƙabin girmamawa, ko sana'a, ko unguwa, ko sunan mahaifi a tsakiya. Guntun sunan da ake son nema za a riƙa rubuta shi a akwatin D2.

Gurabe shida na umarnin

XLOOKUP yana karɓar bayanai har shida, a jere, waƙafi na raba su. Uku na farko dole ne: abin da ake nema, jerin da za a duba, da jerin da za a ɗauko amsa daga cikinsa. Na huɗu shi ne saƙon da za a nuna idan ba a samu ba. Na biyar, wanda Excel ke kira `match_mode`, shi ne ke faɗin irin daidaiton da ake so. Na shida, `search_mode`, yana faɗin ta inda za a fara dubawa.

A gurbi na biyar, 0 na nufin daidai cif, kuma shi ne ke aiki idan an bar gurbin babu komai. Lambobin -1 da 1 na neman abin da ya fi kusa ta ƙasa ko ta sama, abin da ya fi amfani da lambobi, kamar rabon maki zuwa daraja a makaranta. Lamba 2 ita ce ke buɗe ƙofar neman guntun suna. Da ita ne alamomi uku ke samun aiki na musamman. Tauraro, wato `*`, yana tsayawa a madadin kowane adadin haruffa, ko da babu ko ɗaya. Alamar tambaya, `?`, tana tsayawa a madadin harafi guda tak. Alamar `~` kuma tana cire wa waɗancan biyun ikonsu, ta mayar da su alamomi na yau da kullum.

Ga yadda ake neman bashin Salisu Garba idan sunansa yana D2:

```
=XLOOKUP("*"&D2&"*",A2:A7,B2:B7,"Babu",2)
```

Alamar `&` tana liƙa rubutu da rubutu, saboda haka abin da ake nema a zahiri ya zama `*Salisu Garba*`, ma'ana duk sunan da ke da waɗannan kalmomi a cikinsa, ko me ya zo kafinsu, ko me ya biyo bayansu. Amsa ita ce 450000. Tauraron gaba ne ya haɗiye "Alhaji", na baya kuma ya haɗiye "Mai Shinkafa". Da an san cewa sunan yana farkon rubutun, kamar "Musa Ibrahim" a A5, tauraron baya kaɗai ya isa, kuma hakan ya fi aminci, domin duk tauraron da aka ƙara yana faɗaɗa hanyar da kuskure zai shigo. Babban baƙi ko ƙarami ba ya canza sakamako: "salisu garba" da "SALISU GARBA" amsa ɗaya suke kawowa.

Kurakurai biyu ne suka fi damun masu fara amfani da wannan hanya, kuma dukansu na rubutu ne. Na farko shi ne mantawa da lamba 2. Wanda ya saba da VLOOKUP ko MATCH ya san cewa su suna karɓar tauraro kai tsaye a neman daidai cif, ba tare da an ce musu komai ba. XLOOKUP ba haka yake ba. Idan babu 2 a gurbi na biyar, zai je yana neman sunan da aka rubuta da tauraro na gaske a gabansa da bayansa, ya rasa. Na biyu shi ne sa 2 ɗin a gurbi na huɗu. Wanda ya rubuta 2 nan da nan bayan `B2:B7` ya gaya wa Excel ne cewa idan bai samu ba ya nuna 2. Sai dukan jerin amsoshi ya cika da 2, mutum ya yi ta mamakin yadda kowa ya zama naira biyu ake bin sa. Idan ba a son saƙon rashin samu, ana barin gurbin fanko da waƙafi biyu a jere, kamar `B2:B7,,2`.

Amsar da ta fito lafiya alhali ba ita ba ce

Matsalar da ta fi waɗannan girma ba ta nuna kanta da wata alamar kuskure. XLOOKUP yana bin jerin daga sama, kuma da zarar ya ci karo da layin farko da ya dace sai ya tsaya, ba ya waiwayar sauran, ba ya kuma sanar da cewa akwai wasu. A rubuta "Ali" a D2. Abin da ake tsammani shi ne bashin Malam Ali Usman, naira 85,000. Abin da zai fito shi ne 450000, bashin Alhaji Salisu. Dalili kuwa shi ne haruffan a, l, i suna zaune a jere a tsakiyar "Salisu", kamar yadda suke a tsakiyar "Halima". Tauraro haruffa kawai yake gani, bai san inda kalma ta fara ko ta ƙare ba. Sunayen da ake yawan ji a ƙasar Hausa kuwa cike suke da irin wannan tarko: Ali yana cikin Aliyu da Halilu, Isa yana cikin Idrisa, Sani yana cikin Mai Sani da Hassani, Umar yana cikin Umaru. Wanda ya aika wa Malam Ali saƙon cewa ana bin sa dubu ɗari huɗu da hamsin zai sha bayani kafin rana ta faɗi.

Hanya mafi sauƙi ta gano wannan ita ce a daina yarda da kuɗin shi kaɗai. A gefen amsar, a sa wani XLOOKUP ɗin da zai dawo da cikakken sunan da aka kama, ta hanyar sa `A2:A7` a gurbi na biyu da na uku duka. Da ido ya ga "Ali" a hagu da "Alhaji Salisu Garba Mai Shinkafa" a dama, magana ta ƙare. Sannan a ƙara akwati na uku mai ƙirga layuka nawa ne suka dace:

```
=COUNTIF(A2:A7,"*"&D2&"*")
```

Da "Ali" wannan zai ba da 4. Idan ya ba da 1, ana iya dogara da amsar XLOOKUP. Idan ya ba da 0, babu sunan ko an rubuta shi daban. Duk abin da ya haura 1 kuwa, amsar da ke allo zaɓin tsarin jerin ce kawai, kuma za ta iya canzawa gobe idan wani ya sake jera sunayen bisa haruffa. A jerin da ya kai ɗaruruwan sunaye, wannan akwatin ƙirga ya fi komai amfani, domin ana iya tace shi a ware layukan da ke buƙatar idon mutum, a bar sauran.

Tilasta wa neman ya tsaya a kan cikakkiyar kalma

Ana iya koya wa tauraro iyakar kalma ta hanyar amfani da sarari. Kalma cikakkiya tana da sarari a gabanta da bayanta, sai dai ta farko da ta ƙarshe a cikin akwati. Dabarar ita ce a ƙara wa kowane suna na jerin sarari a gaba da baya, a cikin fomular kawai ba tare da taɓa ainihin bayanan ba, sannan a nemi guntun sunan tare da nasa sararin:

```
=XLOOKUP("* "&TRIM(D2)&" *"," "&A2:A7&" ",B2:B7,"Babu",2)
```

Yanzu abin da ake nema shi ne sarari, Ali, sarari. Salisu da Halima sun fita, amsa ta zama 85000. `TRIM` da aka ƙara yana share sararin da yatsa ke bari a ƙarshen suna ba da sani ba, wanda ido ba ya gani amma ya isa ya hana a samu sunan. Dabarar tana da iyaka ɗaya da ya kamata a sani: idan an rubuta suna da waƙafi ko baka manne da shi, kamar "Ali, Dawanau", to abin da ke bayan kalmar ba sarari ba ne, kuma ba za a kama ta ba sai an fara musanya waƙafin da sarari ta amfani da `SUBSTITUTE`. Haka kuma rubutun da aka kwafo daga intanet ko daga takardar banki wani lokaci yana zuwa da wani irin sarari na daban, mai lamba 160, wanda `TRIM` ba ya sharewa. Shi ma sai an musanya shi da `SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")`.

Ko da an yi wannan gyara, har yanzu Ali Usman biyu ne a jerin, na Dawanau da na Zariya. Babu fomular da za ta san wanda yaron shago yake nufi. Sa -1 a gurbi na shida yana sa a fara dubawa daga ƙasa, sai amsa ta koma 210000, amma wannan canza wanda aka fara cin karo da shi ne kawai. Yana da amfani idan jerin na mutum ɗaya ne da aka riƙa ƙara masa layi, ana kuma son na baya-bayan nan. Idan mutane biyu ne daban, abin da ya dace shi ne a fito da su duka a zaɓa:

```
=FILTER(A2:B7,ISNUMBER(SEARCH(" "&D2&" "," "&A2:A7&" ")),"Babu")
```

Wannan zai zubo layuka biyu, kowanne da cikakken suna da kuɗinsa. Ana buƙatarsa a nan ne kuma saboda `COUNTIF` ba ya karɓar jerin da aka liƙa wa sarari a cikin fomula, akwatunan ainihi kawai yake karɓa.

Idan ƙarin kalmar tana tsakiya

Taurari biyu na gaba da baya ba sa taimako idan abin da ya ƙaru yana tsakanin kalmomin da ake nema. "Musa Garba" ba zai kama "Musa Ibrahim Garba Kurmi" ba, domin a jerin babu inda Garba ya biyo bayan Musa kai tsaye. Magani shi ne a mayar da kowane sarari na cikin guntun sunan ya zama tauraro:

```
=XLOOKUP("*"&SUBSTITUTE(TRIM(D2)," ","*")&"*",A2:A7,B2:B7,"Babu",2)
```

Abin da ake nema ya zama `*Musa*Garba*`, kuma amsa 300000 ce. Hajiya Halima Musa ta tsira a nan, duk da akwai Musa a sunanta kuma tana sama, saboda abin da ya biyo baya "Gari" ne, ba "Garba" ba. Da mai nema ya gajarta ya rubuta "Musa Gar", ita za a kama. Sannan jerin kalmomin ba ya juyuwa. Wanda ya rubuta "Garba Musa", kamar yadda takardun makaranta da na banki ke yawan fara suna da na mahaifi, zai ga "Babu", domin tauraro yana tsallake haruffa ne zuwa gaba, ba ya komawa baya.

Haruffa masu lanƙwasa suna da tasu rigimar. A wurin Excel, D da Ɗ haruffa ne biyu daban, haka k da ƙ, haka b da ɓ, saboda haka "Danladi" da aka buga a madannin da ba shi da haruffan Hausa ba zai kama "Ɗanladi" ba. A nan alamar tambaya ke shigowa: idan aka rubuta `?anladi` a D2, za ta kama ko wanne daga cikin biyun, ta dawo da 62000. Haka batun hamzar da ke cikin Sa'adu, wadda wata na'ura ke bugawa a miƙe, wata kuma a lanƙwashe. `Sa?adu` zai kama su duka, amma ba zai kama "Saadu" ba, tun da alamar tambaya dole ta sami harafi guda da za ta tsaya a madadinsa. `Sa*adu` ne ke kama duka ukun. Bambancin rubutu da ya wuce wannan, irin Muhammad da Mohammed da Mamman, ya fi ƙarfin waɗannan alamomi, sai dai a gyara jerin da hannu.

Akwati fanko, lambobi, da tauraro na gaske

Idan aka ja fomular ƙasa ta wuce inda sunaye suka ƙare, akwatin nema yana zama fanko, abin da ake nema kuma ya zama taurari biyu a jere, waɗanda suka dace da kowane rubutu. Sakamakon haka duk layukan da babu suna za su nuna 450000, bashin mutumin farko, kuma idan akwai jimla a ƙasa za ta kumbura ba tare da wata alama ba. Ana toshe wannan da sharaɗi a farkon fomular:

```
=IF(TRIM(D2)="","",XLOOKUP("*"&TRIM(D2)&"*",A$2:A$7,B$2:B$7,"Babu",2))
```

Alamar `$` da ke cikin `A$2:A$7` tana kafe jerin ne don kada ya zame yayin da ake jan fomular ƙasa. Idan babu ita, layi na biyu zai duba A3 zuwa A8, na uku A4 zuwa A9, sunayen sama suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Tauraro da alamar tambaya rubutu kawai suke kamawa. Idan ana neman wani yanki na lambar asusu, kuma Excel ya ajiye jerin a matsayin lambobi na lissafi, ba za a samu komai ba ko da lambar tana nan. Liƙa wa jerin rubutu fanko, wato `A2:A7&""` a gurbi na biyu, yana mayar da su rubutu na ɗan lokaci, neman ya yi aiki. Akasin haka, wani lokaci tauraron yana cikin sunan kayan ne da gaske, kamar katan ɗin taliya da aka rubuta `500g*20`. Idan aka neme shi haka, Excel zai ɗauki tauraron a matsayin umarni, ya kama duk layin da ke da 500g da 20 a wani wuri bayansa. Rubuta `500g~*20` yana gaya masa cewa tauraro na zahiri ake nufi.

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa jerin ne ke da dogon suna, abin nema kuma gajere. Idan lamarin ya juya, misali bayanin shigar kuɗi daga banki mai tsawo yana D2, jerin G2 zuwa G7 kuma gajerun sunaye ne, to lamba 2 ba za ta yi aiki ba, domin XLOOKUP yana karanta alamomin ne daga abin nema kawai. Sai a bi ta wata hanya:

```
=XLOOKUP(TRUE,ISNUMBER(SEARCH(G2:G7,D2)),H2:H7,"Babu")
```

A nan ana gwada kowane gajeren suna a cikin dogon rubutun, a ɗauki na farko da aka samu. Dole ne kada a bar akwati fanko a cikin G2 zuwa G7, domin `SEARCH` yana ɗaukar fanko a matsayin abin da ke cikin kowane rubutu, sai ya kama shi.

Kwamfutoci da yawa a ofisoshi da shaguna har yanzu suna kan Excel 2016 ko 2019, waɗanda ba su san XLOOKUP ba. Fayil ɗin da aka buɗe a kansu yana nuna `_xlfn.XLOOKUP` a cikin fomular, kuma da zarar an sake lissafi sai `#NAME?` ya bayyana. Idan fayil zai riƙa yawo tsakanin irin waɗannan na'urori, tsohuwar hanya tana ba da amsa iri ɗaya, da tarko iri ɗaya na kama layin farko:

```
=INDEX(B2:B7,MATCH("*"&D2&"*",A2:A7,0))
```

Google Sheets yana da XLOOKUP tun 2022, kuma lamba 2 tana aiki a cikinsa kamar yadda aka bayyana. A Nijar da sauran wuraren da ake amfani da Excel na Faransanci, sunan umarnin `RECHERCHEX` ne, kuma ana raba gurabensa da `;` maimakon waƙafi, amma tsarin guraben shida da lamba 2 a na biyar ba su canza ba.